Na kunna “sau ɗaya tak” a Kafka, amma ana saka wa mutane kuɗi sau biyu

Tambaya: Salamu alaikum. Muna da manhaja da ke karanta saƙonnin biyan kuɗi daga Kafka ta ƙara wa mutum a asusunsa cikin PostgreSQL. Na sa `enable.idempotence=true` a wajen mai aikawa, na sa `isolation.level=read_committed` a wajen mai karɓa. Duk da haka makon jiya an saka wa ɗaruruwan mutane sau biyu, wasu har sau uku. Ba an ce Kafka na isar da saƙo sau ɗaya tak ba? Ina na yi kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Saitunan nan biyu daidai ka sa su, kuma suna yin aikinsu. Sai dai aikinsu yana ƙarewa ne a bakin ƙofar Kafka, ɓarnar kuwa a wajen ƙofar ta auku, a cikin rumbun bayananka. Da zarar manhajarka ta karɓi saƙo ta juya wajen PostgreSQL, Kafka ba ta ganin komai kuma ba ta da hannu a komai.

Bari mu fara da tushen abin, don idan ya zauna maka sauran duk mai sauƙi ne. Mai karɓa yana da ayyuka biyu a kan kowane saƙo: ya yi aikin da saƙon ya zo da shi, sannan ya gaya wa dillalin saƙonni cewa ya gama. A Kafka wannan faɗar ita ce ajiye `offset`, wato lambar inda ka tsaya, a RabbitMQ kuma `basic.ack` ce, a SQS goge saƙon ne. Ayyukan biyu a na'urori biyu daban suke faruwa, kuma dole ɗaya ya riga ɗaya. In ka fara cewa “na gama” sannan manhajar ta mutu kafin ta yi aikin, saƙon ya salwanta, babu mai sake kawo shi. In ka fara yin aikin sannan ta mutu kafin ta ce ta gama, dillali zai sake kawo shi, aikin ya maimaitu. Babu tsari na uku. Shi dillali, in ya ji shiru, ba shi da hanyar bambance mai karɓan da ya mutu kafin aiki da wanda ya mutu bayan aiki da wanda yana nan da ransa amsarsa ce kawai ta ɓace a hanya. Wannan matsala tsohuwa ce, tun 1975 aka bayyana ta a rubuce, kuma Jim Gray ya raɗa mata sunan matsalar janar-janar biyu a 1978. Ba ƙarancin fasaha ba ne da za a ce sabon fitowa zai gyara. Saboda haka zaɓin gaskiya biyu ne: ko saƙo ya iso sau ɗaya ko bai iso ba sam, ko kuma ya iso aƙalla sau ɗaya. Mai harkar kuɗi na biyun yake ɗauka, sannan ya shirya wa maimaici.

To me Kafka ta yi alkawari? Tun fitowa ta 0.11 a 2017 ta kawo abubuwa biyu. Na farko shi ne wanda ka kunna: dillali yana ba mai aikawa lambar shaida, kowane tarin saƙonni kuma yana ɗauke da lambar jeri, don haka in mai aikawa ya sake tura abu saboda bai ji amsa ba, dillali ya gane shi ya ƙi rubuta shi sau biyu. Wannan yana rufe maimaicin da laburaren Kafka ke yi da kansa ne kawai. In manhajarka ce da kanta ta kira `send()` sau biyu, ko ta mutu ta tashi ta sake aika abin da ta riga ta aika, a idon dillali saƙonni biyu ne mabambanta. Na biyu shi ne taransakshan: ka karanta daga wani `topic`, ka rubuta sakamako a wani `topic`, ka ajiye `offset`, ukun su tabbata tare ko su rushe tare. Hakan yana yiwuwa ne don duka ukun a cikin Kafka suke. Shi `read_committed` ɗin da ka sa, aikinsa ɓoye maka saƙonnin taransakshan ɗin da aka soke ko ba a kammala ba. Bai hana a ba ka saƙon da aka kammala sau goma ba. Haka ma layin FIFO na SQS: yana watsar da saƙon da aka sake aikowa da `MessageDeduplicationId` iri ɗaya cikin minti 5, amma in mai karɓa bai goge saƙo ba kafin wa'adin ɓoye shi ya ƙare, wanda asalinsa daƙiƙa 30 ne, saƙon zai sake fitowa ga wani.

Yanzu ga abin da nake kyautata zaton ya same ku, ganin cewa ɗaruruwa ne a lokaci guda kuma wasu har sau uku. Idan ba ka taɓa saitunan ba, kowane `poll()` zai iya ɗebo saƙonni har 500, kuma `max.poll.interval.ms` yana kan 300000, wato minti 5. A ranar lafiya saƙo ɗaya yana cin, a ce, kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa, sai ka gama tarin cikin daƙiƙa 10 ba wanda ya sani. Ranar da rumbun bayanai ya yi nauyi, kowane saƙo ya koma cin daƙiƙa 0.7, tarin zai ci daƙiƙa 350. Mai karɓa na farko, mu kira shi A, yana tsaka da aiki, ya kai wajen saƙo na 428, sai wa'adin minti 5 ya cika. Aka fitar da shi daga rukunin masu karɓa, aka miƙa ɓangarensa, wato `partition` ɗinsa, ga B. Shi B daga ina zai fara? Daga `offset` na ƙarshe da aka ajiye, wato farkon tarin, don A bai ajiye komai ba tukuna. Shi kuwa A bai ma san an sallame shi ba, ya ci gaba da sauran 72 ɗin har ƙarshe, sai da ya zo ajiye `offset` aka mayar masa da `CommitFailedException`. Mutum 500 an saka musu sau biyu ke nan, ba tare da wata na'ura ta mutu ba. In kuma rumbun bai warware ba, abin da ya ci A shi zai ci B, ga na uku ya fito.

Za ka iya tabbatar da wannan yau. Ka nemi `CommitFailedException` a rajistar manhajar a daidai lokacin, ko gargaɗin da ke cewa `consumer poll timeout has expired`. Sannan ka ɗauki mutum ɗaya da aka ninka wa ka duba sakawar biyu. In daga `partition` ɗaya da `offset` ɗaya suka fito, kuma tazararsu ta kai kusan minti 5, saƙo ɗaya ne aka ba ku sau biyu. In `offset` ɗinsu daban ne, to tun daga wajen mai aikawa aka ninka shi, kuma can za ka duba. In ba kwa rubuta waɗannan lambobin biyu a rajista, ku fara daga yau, don ba tare da su ba lalube kawai za ka yi ta yi a duhu.

Rage `max.poll.records` zuwa 50 zai sassauta abin, kuma ka yi hakan. Amma kada ka ɗauka ka warke. Gobe sabar za ta mutu tsakanin rubutu da ajiye `offset`, ko a sake ɗora manhaja a tsakiyar tari, ko wani ya mayar da `offset` baya don gyara wani kuskure. Maganin da ke riƙewa shi ne mai karɓa ya zama mai jure maimaici: ko sau nawa aka ba shi saƙo, sakamakon ya tsaya kamar sau ɗaya aka ba shi.

Dabarar ɗaya ce. Tunda matsalar ta taso ne daga rubuta “na gama” a wuri ɗaya da yin aikin a wani wuri, sai ka ɗauko “na gama” ɗin ka kawo shi wurin aikin, cikin taransakshan guda. Ka yi tebur na saƙonnin da aka gama:

```sql
CREATE TABLE an_gama (
  mai_karba   text NOT NULL,
  lambar_sako text NOT NULL,
  lokaci      timestamptz NOT NULL DEFAULT now(),
  PRIMARY KEY (mai_karba, lambar_sako)
);
```

Sannan a kan kowane saƙo:

```sql
BEGIN;
INSERT INTO an_gama (mai_karba, lambar_sako)
VALUES ('asusu', 'biya-7731')
ON CONFLICT DO NOTHING;
UPDATE asusu SET ragowa = ragowa + 500 WHERE id = 42;
COMMIT;
```

Tsakanin `INSERT` da `UPDATE` manhajarka za ta duba layi nawa ya shiga. In PostgreSQL ya ce `INSERT 0 1`, saƙon sabo ne, sai a ci gaba. In ya ce `INSERT 0 0`, an riga an yi shi, sai ta tsallake `UPDATE` ɗin, ta rufe taransakshan, ta wuce. A duka halin biyu sai bayan haka za a ajiye `offset`. Ka kuma mayar da `enable.auto.commit` zuwa `false` don ajiyar ta zama a hannunka, musamman in kana miƙa saƙonni ga wasu zaruruwan aiki, inda ajiya ta kai-tsaye za ta iya shaida saƙon da ba a taɓa ba tukuna.

Ka bi shi ka kashe manhajar a kowane mataki a zuciyarka. Ta mutu kafin `COMMIT`: alamar da kuɗin duk sun rushe tare, saƙon ya dawo, a yi shi daga farko. Ta mutu bayan `COMMIT` kafin ajiye `offset`: saƙon ya dawo, ya tarar da alamarsa, aka tsallake shi. Babu wani tsakani da alama za ta tabbata ba kuɗi, ko kuɗi ba alama. Saƙon yana isowa sau biyu har yanzu, abin da ya zama sau ɗaya shi ne tasirinsa.

Akwai kuskure biyu da nake yawan gani a nan, kuma dukansu suna wuce gwaji lafiya lau su fashe a fagen aiki.

Na farko, mutum ya yi `SELECT` ya duba ko lambar tana nan, in babu ya yi aikin, sannan ya rubuta ta. Ka koma kan A da B. Bayan ka sa tacewa, B ba zai ƙara yin tafiyar hawainiya ba, zai tsallake saƙonni 428 ɗin nan da sauri ya cim ma A a kan saƙo guda. Dukansu su duba, dukansu su ga babu, dukansu su ƙara kuɗin. Abin da ya sa `INSERT` kan mabuɗin tebur ya fi shi ne rumbun da kansa ke raba gardamar: in A ya riga ya saka lambar bai kai ga `COMMIT` ba, `INSERT` ɗin B zai tsaya ya jira. A ya kammala, B ya samu sifili ya wuce. A ya rushe, B ya samu ɗaya ya ɗauki aikin. Shi ya sa ake fara saka alamar kafin a taɓa kuɗin, ba bayansa ba.

Na biyu, ajiye alamar a Redis da `SETNX` don a ce ya fi sauri, kuɗin kuma a PostgreSQL. An gudu ba a tsira ba, don an sake komawa rubutu biyu a wurare biyu. In ka sa alama sannan ka mutu kafin `COMMIT`, saƙon zai dawo a ce an yi shi alhali ba a yi ba, kuɗin mutum ya ɓace shiru. Wannan ya fi ninkawa muni, don ninkawa tana fitowa a lissafi, ɓacewa kuwa sai mai kuɗin ya zo yana kuka. Na taɓa gadon manhaja mai irin wannan tsari a wani wurin aiki, kuma mun ɗauki kwanaki muna zargin mai aikawa da rashin turo saƙonni kafin mu gane cewa namu tacewar ce ke haɗiye su duk lokacin da aka sake ɗora manhajar. Ana iya sa Redis a gaba don rage wa rumbu nauyi, a rubuta a cikinsa bayan `COMMIT`, amma hukuncin ƙarshe na teburin ne.

Sai maganar lambar kanta, kuma a nan gizo ke saƙa. Duk tsarin nan ƙarfinsa daidai yake da ingancin `lambar_sako`. Dole ta wakilci abin da ya faru a zahiri, wato wannan biyan kuɗin, ba wannan isarwar ba. In ka haɗa ta daga `partition` da `offset`, za ta kama maimaicin da ya zo daga dillali amma ta bar wanda mai aikawa ya ninka, tunda kowane kwafi da nasa `offset`. In mai aikawa yana ƙirƙirar sabuwar UUID duk lokacin da ya kira `send()`, haka abin yake, kowane yunƙuri da sabuwar lamba. In kuma ka lissafa ta daga abin da ke cikin saƙon kawai, asusu da adadi, ranar da mutum ya biya 500 sau biyu da gangan za ka cinye masa ɗaya. Lamba ta gari ita ce wadda aka yanka sau ɗaya a lokacin da aka fara rubuta biyan a rumbun mai aikawa, aka ajiye ta tare da shi, kuma duk sake aikawa yana ɗauko ita ɗin dai. In kuna da teburin shiga da fitar kuɗi, wanda ya kamata a ce kuna da shi, ba ka ma buƙatar tebur na dabam: ka sa `UNIQUE` a kan lambar biyan a can, layin da kansa ya zama alamar. Ni wannan na fi so a harkar kuɗi, don ba wanda zai yi gigin share shi da sunan tsafta.

In kuwa tebur na dabam ka yi, zai yi ta girma, wata rana za a so rage shi. Ka tuna Kafka a asalinta tana riƙe saƙonni kwana 7. In ka share alamun da suka wuce kwana 3, sannan wani ya mayar da `offset` baya da kwana 5, duk abin da ke tsakani zai sake shiga a matsayin sabo. Ka riƙe alamu fiye da mafi tsawon lokacin da saƙo zai iya dawowa, har da waɗanda suka kwana a layin saƙonnin da suka gagara aka dawo da su bayan wata guda.

Wasu saƙonnin ba sa buƙatar tebur ko kaɗan. “Ƙara 500” ba ya jure maimaici, amma “adireshin wannan mutum yanzu kaza ne” yana jurewa, sai dai tsohon saƙo zai iya dawowa ya taka sabo. Lambar siga tana maganin wannan: `UPDATE ... SET adireshi = $1, siga = 8 WHERE id = 42 AND siga < 8`. Maimaici da tsohon saƙo duk za su taɓa layi sifili.

Inda dabarar taransakshan ke tsayawa shi ne lokacin da aikin ya fita daga rumbunka: tura imel, tura saƙon waya, kiran kamfanin biyan kuɗi. Ba za ka iya yi wa imel `ROLLBACK` ba. Kada ka yi kiran a cikin taransakshan ɗin. Ka rubuta niyyar a wani tebur na abubuwan da za su fita, cikin `COMMIT` ɗin nan guda, wani ma'aikaci daban ya riƙa ɗauka yana aikawa. Shi ma wannan ma'aikacin zai iya mutuwa bayan ya aika kafin ya rubuta cewa ya aika, don haka tambayar ta koma kan na can ɓangaren: yana karɓar lambar tace maimaici? Stripe, misali, yana karɓar `Idempotency-Key`, in ka sake kira da lamba ɗaya ya maido maka amsar farko maimakon ya sake cire kuɗi, amma yana iya share lambar bayan awa 24, don haka sake gwadawar da ta wuce kwana ɗaya ba ta da wannan kariya. In na can ba ya karɓar lamba amma ana iya tambayarsa, sai ka rubuta “ana kan aikawa” kafin kiran, duk wanda ya tashi ya tarar da layi a wannan hali ya fara tambaya ko abin ya shiga. In ba lamba kuma ba tambaya, to zaɓi ne ya rage, kuma ba na mai rubuta manhaja shi kaɗai ba ne. Imel ɗin rasiti ya je sau biyu ba komai. Tura kuɗi waje kuwa, gara a dakatar da layin da ake shakka a kansa mutum ya duba da idonsa.

Kafin ka ce ka gama, ka gwada da hannunka. Ka sa wani saiti na gwaji da zai sa manhajar ta kashe kanta daidai bayan `COMMIT` kafin ajiye `offset`, irin kisan `kill -9` wanda ba ya ba ta damar sallama. Ka tura saƙonni 1000, ka bar ta ta yi ta mutuwa tana tashi, a ƙarshe jimillar asusun ta yi daidai da abin da ka lissafa a takarda. Sannan ka tayar da masu karɓa biyu a rukuni daban-daban, masu amfani da sunan `mai_karba` ɗaya, su ci saƙonni iri ɗaya a lokaci guda, don ka ga tseren da idonka. Daga nan ka tsayar da rukunin, ka mayar da shi farko da `kafka-consumer-groups.sh --reset-offsets --to-earliest`, tare da `--bootstrap-server`, `--group`, `--topic` da `--execute`, ka sake kunnawa. Kada ragowar kowa ta motsa ko da ɗaya. Ka kuma sa ma'auni mai ƙirga sau nawa aka samu `INSERT 0 0`. Ƴan kaɗan lokacin ɗora sabuwar manhaja abu ne da aka saba, amma in ka ga ya yi tsalle zuwa ɗaruruwa, matsalar minti 5 ɗin nan ce ta dawo, tacewar ce ta rufa maka asiri.

Abu ɗaya na gaggawa game da na makon jiya: saƙonnin suna cikin Kafka na kwana 7 ne kawai in ba ku canza ba, don haka ka kwashe na wannan rana zuwa wani wuri yanzu, su ne shaidarka ta abin da ya kamata a saka wa kowa. Ranar da za ka ɗora sabon tsarin kuma, ka fara cika teburin `an_gama` da lambobin duk biyan da aka riga aka yi a kwanakin da ke cikin Kafka, in ba haka ba mayar da `offset` na farko zai sake saka su. Gyaran asusun kuma kada a yi shi da `UPDATE` na hannu. Kowane cirewa ya zama layi na kansa mai lambarsa, kamar `gyara-biya-7731`, ya bi ta wannan teburin, don in rubutun gyaran ya tsaya a tsakiya aka sake kunna shi, kada a cire wa mutum sau biyu.